Yadda ake lissafin rangwame da haɗa kaya kafin a sanar da garaɓasa

Masu sana'a da dama sun sha tambayata abu guda, kowa da irin kalmominsa: sun yi rangwame, kaya sun fita, ciniki ya fi na kullum, amma da wata ya ƙare sai suka tarar abin da ya rage a hannu bai kai na watan da ba su yi komai ba. Suna son sanin inda kuɗin suka shiga, da yadda za su gane tun kafin su fara ko garaɓasa za ta biya kanta.

Amsar tana cikin abu biyu. Duk ragin da ka yi, daga ribarka kaɗai yake fita, domin wanda ya sayar maka da kaya bai rage maka komai ba. Sannan ragin yana shiga aljihun duk wanda ya saya, har da wanda da ma ya zo da niyyar biyan cikakken farashi. Matakan da ke ƙasa hanya ce ta auna waɗannan abubuwa biyu da alƙalami. Ba ka buƙatar komai sai littafin cinikinka na aƙalla wata uku, da kalkuleta ko manhajar lissafi. Zan yi aiki da misali guda tun daga farko har ƙarshe: mai sayar da takalmi a kan 100, wanda yake sayar da ƙafa 200 a wata. Lambobin ba su da sunan kuɗi, kai ne za ka sa naka a gurbinsu.

1. Fitar da ainihin ribar guda ɗaya

Fara da abin da guda ɗaya yake ci maka kafin ya isa hannun mai saye. Kuɗin sari ne na farko, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai kwali ko leda, kuɗin kai wa mai saye idan kai ke biya, kamashon yaron shago ko na dandalin da kake sayarwa a kai, abin da ake cirewa idan an biya da kati, da kason kayan da ake dawowa da su ko suke lalacewa. Ma'aunin mai sauƙi ne: duk kuɗin da ba za ka kashe ba da ba ka sayar da wannan gudan ba, ka sa shi a ciki. Hayar shago da albashin wata kuma ka bar su a gefe, tunda za ka biya su ko ka yi rangwame ko ba ka yi ba.

Mai takalminmu yana saro ƙafa ɗaya a kan 60, sauran ƙananan kuɗaɗen suna cin 10. Ke nan kowace ƙafa tana tsaya masa a 70, ribarsa 30. A wata yana samun 6,000. Wannan 6,000 ɗin ita ce abin da kowace garaɓasa za ta zarce kafin a ce ta yi amfani.

Gargaɗi a nan: kada ka rikita ribar da aka auna a kan kuɗin sari da wadda aka auna a kan farashin sayarwa. Wanda ya sayi kaya a 80 ya ɗora kashi 25 cikin 100 zai sayar a 100. Idan ya ce zai yi ragin kashi 25 don ya tashi ba riba ba faɗuwa, farashin zai dawo 75, ya shiga uwar kuɗi da 5 a kowane guda. Dalili shi ne ƙarin a kan 80 aka lissafa shi, ragin kuma a kan 100. Rangwame kullum a kan farashin sayarwa ake yanke shi, saboda haka ribarka ma a kan farashin sayarwa za ka auna ta.

2. Lissafa yawan ƙarin cinikin da zai cike giɓin

Yanzu a ce mai takalmi zai rage 10. A idon mai saye ragi ne kaɗan, kashi 10 cikin 100 kawai. A wurin mai kaya kuwa ribar ta sauka daga 30 zuwa 20, wato sulusinta ya tafi. Kafin ya sake haɗa 6,000 da ribar 20, sai ya sayar da ƙafa 300. Ƙarin ƙafa 100 ke nan, rabin abin da ya saba sayarwa, kuma duk wannan don ya koma inda yake ne kawai.

Ƙa'idar ita ce ka raba ragin da ribar da ta rage bayan ragin. A manhajar lissafi, idan ka sa farashi a akwatin B1, abin da guda ya tsaya maka a B2, ragin kuma a B3, ga abin da za ka rubuta:

```
=B3/(B1-B2-B3)
```

A misalinmu 10 raba 20 ne, ya ba da rabi. Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne yadda lissafin yake tsananta idan riba ta yi ƙaranci. Mai ribar 40 da ya rage 10 yana buƙatar ƙarin sulusi. Mai ribar 20 da ya yi wannan ragin sai ya ninka cinikinsa. Mai takalminmu ma, da 20 ya rage maimakon 10, ribarsa za ta koma 10, sai ya sayar da ƙafa 600. Shi ya sa bai dace ka kwafi ragin da wani ya yi ba alhali ba ka san ribarsa ba. Abin da mai faɗin riba zai ɗauka cikin sauƙi yana iya durƙusar da mai 'yar siririyar riba.

Ka ƙara kuɗin garaɓasar kanta. Idan talla da buga takardu da ƙarin ma'aikaci za su ci 600, raba wannan da sabuwar ribar 20, ka ga ƙarin ƙafa 30. Adadin da ake nema ya zama 330. Daga nan ka tambayi kanka abu biyu tsakani da Allah: na taɓa sayar da adadin da ya kusa wannan? Ina da kayan da hannayen da za su ɗauki wannan ciniki? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, ba sai ka je mataki na gaba da wannan ragin ba.

3. Raba masu saye kashi-kashi

A nan ne yawancin mutane suke ruɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

A ce mai takalmi ya yi ragin 10 ɗin na wata guda, ya sayar da ƙafa 260. Kuɗin da suka shigo sun tashi daga 20,000 zuwa 23,400. Duk wanda ya kalli aljihun tebur zai ce an yi ciniki. Amma 260 sau 20 ya ba da 5,200, ƙasa da 6,000 da 800. Ba a nan ta tsaya ba. A watan da ya biyo baya, da farashi ya koma 100, sai ya sayar da 170 kacal, ribarsa 5,100. An sake rasa 900. A wata biyu da ya kamata ya samu 12,000, ya tashi da 10,300.

Don ka gane abin da ya faru, ka duba mutum 260 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Mutum 200 daga ciki masu sayensa ne na kullum, da ragi da babu ragi za su saya a wannan wata. Mutum 30 kuma da wata mai zuwa suka yi niyyar saye, ragin ya sa suka gaggauta. Su ne giɓin da ya bayyana daga baya. Mutum 30 ne kawai sababbi, waɗanda ba don ragin ba da ba za su saya ba. Sababbin nan sun kawo masa 600. Sauran 230 kuma ya ba kowannensu kyautar 10 da bai roƙa ba, jimla 2,300. Cire wancan daga wannan, ka ga faɗuwar 1,700 daidai. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Akwai kashi na huɗu da ba ya fitowa sai ka duba sauran kayan shago: wanda ya zo sayen wani takalmin mai ribar 35, ya ga wannan an rage masa kuɗi, ya sauya ra'ayi. A littafi zai fito kamar ƙarin ciniki, alhali ka musanya 35 da 20 ne.

Kafin ka fara, ka yi ƙoƙarin kimanta girman kowane kashi daga irin kayanka. Kayan da ba sa lalacewa kuma ake sayensu a kai a kai, irin su sabulu da batir da takardar rubutu, su suka fi jawo masu gaggauta saye: mutum zai kwashi na wata uku a farashin ragi, ba za ka sake ganinsa ba sai sun ƙare, kuma bai ƙara yawan wanda yake amfani da shi ba. Kayan da mutane ke saye don dole, ragi ba ya ƙara yawan masu buƙatarsu, sai dai ya janyo abokan cinikin wani zuwa wurinka, kuma hakan ma sai labarin ya kai gare su. Ragin da ka rubuta a cikin shago kawai, ko ka tura wa tsofaffin kwastomominka kawai, waɗanda da ma naka ne za su gan shi. Wannan shi ne mafi tsadar rangwame, kuma shi ne aka fi yi.

4. Zaɓi siffar da ta fi maka araha

Garaɓasa iri-iri ce, kuma sunan da aka ba ta yakan ɓoye girmanta. Ka mayar da kowace zuwa lamba ɗaya kafin ka kwatanta. Saya ɗaya a ba ka ɗaya ragin rabi ne cif. Saya biyu a ba ka na uku ragin sulusi ne. Saya uku a ba ka na huɗu, ko saya ɗaya ka ɗauki na biyu a rabin kuɗi, duka ragin rubu'i ne. Ga mai takalminmu da ƙafa ke tsaya masa a 70, saya biyu a ba ka na uku yana nufin ya karɓi 200 ya ba da kayan 210. Irin wannan tayin na masu faɗin riba ne.

Abin da ya fi dacewa da mai matsakaiciyar riba shi ne ya ba da kaya maimakon ya rage kuɗi, muddin kayan yana da daraja a idon mai saye kuma yana da araha a wurinsa. A ce yana sayar da safa a kan 20, tana tsaya masa a 8. Idan ya ce duk wanda ya sayi takalmi za a ba shi safa, mai saye ya ga kyautar 20, shi kuma 8 ta fita daga hannunsa. Ribarsa ta zama 22, kuma ƙafa 273 ta ishe shi ya koma 6,000, maimakon 300. Tayin ya ninka a idon mai saye, nauyinsa ya ragu a wurin mai kaya. Ƙari a kan haka, farashin takalmin bai motsa daga 100 ba, don haka ranar da kyautar ta ƙare babu wanda zai ji kamar an yi masa ƙarin kuɗi.

Gargaɗi: idan da ma wasu suna sayen safar da kuɗinsu, a kansu ba 8 ka rasa ba, 20 ɗin gaba ɗaya ce. Kyautar da ta fi kyau ita ce wadda mutane za su so amma kaɗan ne suke saye a wurinka.

Wani gargaɗin kuma: ka rubuta a fili ko ana iya haɗa ragi biyu. Idan akwai ragin kashi 20 a kan kaya, mutum kuma ya zo da lambar ragin kashi 10, farashin 100 zai sauka zuwa 72. Riba ta koma 2, ba tare da kowa ya yanke shawarar hakan ba.

5. Haɗa kaya a farashi ɗaya

Haɗa kaya biyu ko uku a ƙunshi ɗaya ya fi ragi kai tsaye aminci, saboda mai saye ba ya samun sauƙin sai ya ƙara kashe kuɗi. Amma shi ma yana da nasa lissafin, kuma lamba ɗaya ce take yanke hukunci: mutum nawa ne da ma suke sayen kayan tare a cikakken farashi?

Takalmi da safa ɗai-ɗai 120 ne. A ce an haɗa su a 112. Kuɗin da suka tsaya 78 ne, ribar ƙunshin 34. Yanzu ka duba mutum iri uku. Wanda da takalmi kaɗai zai saya, ribar 30, ya ɗauki ƙunshi: ka ƙaru da 4. Wanda da ma yana sayen duka biyun, ribar 42, yanzu ya biya 112: ka ragu da 8. Wanda ƙunshin ne ya jawo shi daga waje: ka samu 34 gaba ɗaya. Ke nan duk tsohon mai sayen biyu guda ɗaya yana buƙatar mutum biyu da suka sauya daga takalmi kaɗai kafin a cike abin da aka rasa a kansa.

Buɗe littafinka ka ƙirga. Idan cikin mutum 200, guda 20 ne ke sayen biyun tare, za ka rasa 160, kuma mutum 40 daga cikin sauran 180 sun isa su cike. Idan 70 suka karɓa, ka samu 280, ka ci ribar 120 a kai. Amma idan mutum 80 ne da ma ke sayen biyun, ka rasa 640, kana buƙatar mutum 160 su sauya, alhali 120 ne kawai suka rage. Ƙunshi ɗaya, farashi ɗaya, a shago guda riba ne, a wani kuma faɗuwa ce tun kafin a fara. Abin da wannan ke nuna maka ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum: kayan da kowa ke saye tare ba su ne ake yi wa ragin haɗaka ba. Su ka ajiye su kusa da juna kawai. Wanda ake haɗawa shi ne kayan da ya dace da babban kayan amma mutane ba su saba ɗauka ba.

Farashin ƙunshin ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Da a 115 aka sa shi, ƙaruwar za ta zama 7, raguwar kuma 5, sai lissafin ya juya gaba ɗaya. Ka fara da ƙaramin ragi. Ƙara shi daga baya abu ne mai sauƙi, janye shi ne ke ɓata wa mutane rai. Kuma a zuciyarka ka ɗora ragin a kan kayan da ke da faɗin riba: safa tana da ribar 12, don haka ragin ƙunshin bai kamata ya kusanci 12 ba, in ba haka ba kana ba da safar ne ba riba.

Akwai wani yanayi da haɗaka take yin ƙarfi sosai, wato inda mutane suka sha bamban a kan abin da suka fi so, kuma ƙara guda ɗaya ba ya cin kuɗi. Ɗauki mai sayar da darussa biyu da aka riga aka naɗa a bidiyo. Wani ɗalibi zai iya biyan 90 a kan na farko, 40 a kan na biyu. Wata ɗaliba kuma akasin haka. Idan aka sa kowane darasi a 90, kowa zai sayi ɗaya, a samu 180. Idan aka sa a 40, kowa zai sayi biyu, a samu 160. Idan aka haɗa su a 130, dukansu za su saya, a samu 260. Shi ya sa ake yawan ganin haɗaka a manhajoji da tashoshin talabijin na biya. Sai dai ka sake lissafin a kan kayan da kowane guda yake cin 50. Sayarwa ɗai-ɗai a 90 ta bar ribar 80, haɗakar kuma ta bar 60, domin kana miƙa wa mutum kayan da ya ci maka 50 alhali a wurinsa 40 yake. Idan kayanka na hannu ne masu tsadar sari, kada dabarar masu manhaja ta ruɗe ka.

Gargaɗi na ƙarshe a wannan mataki: ka bar damar sayen kowane kaya shi kaɗai. Wanda takalmi kawai yake so, idan ka tilasta masa ƙunshi, zai iya tafiya da 30 ɗin da take tabbas. Kuma kada ka cusa kayan da ba wanda yake so a cikin ƙunshi don ka rabu da shi. Mai saye yana gani, kuma yakan rage darajar ƙunshin gaba ɗaya a ransa.

6. Sa wa ragin iyaka

Tunda babbar ɓarnar tana wurin waɗanda da ma za su saya, aikinka shi ne ka tsara tayin yadda ba zai kai gare su ba sai sun yi wani abu sabo. Ragi ga mai sayen farko kaɗai yana zuwa ga sabon mutum. Ragi a ranaku ko sa'o'in da ciniki ke mutuwa yana cike lokacin da yake tafiya a banza. Ragi ga wanda ya daɗe bai dawo ba yana neman wanda ka riga ka rasa. Ragi bayan an kai wani adadi yana tura mutum ya ƙara saye.

Wannan na ƙarshen yana buƙatar kula. Duba abin da yawancin mutane ke kashewa a zuwa ɗaya, ka sa iyakar sama da shi kaɗan. Idan yawanci 100 suke kashewa, ka ce wanda ya kai 150 za a rage masa 10, to wanda ya ƙara kayan 50 masu ribar 15 ya bar maka 5 bayan ragi. Idan ka sa iyakar a 100, kowa ya samu ba tare da ya ƙara komai ba. Idan ka kai ta 300, ba wanda zai yi ƙoƙari sai manyan masu saye da suke wuce ta tun asali.

Ka kuma sa ranar ƙarewa, ka tsaya a kanta. Ragin da ake yi kowane ƙarshen wata yana koya wa mutane jira, har farashin ragi ya zama shi ne farashin gaskiya a ransu, kuma fita daga wannan hali yana da wuya ƙwarai. Kamfanin kantunan J.C. Penney na Amurka ya daɗe yana ciniki da takardun ragi da garaɓasa a kai a kai. A 2012 sabon shugabansa Ron Johnson ya soke yawancinsu ya koma farashi tsayayye, cinikin shekarar ya faɗi da kusan kashi 25 cikin 100, aka sauke shi a 2013. Abokan cinikin sun saba da ragin har ba sa iya saye ba tare da shi ba.

Gargaɗi: kada ka ɗaga farashi yau don ka soke shi gobe ka kira shi ragi. Yaudara ce, masu saye suna ganewa, kuma doka ta hana a ƙasashe da yawa. A Tarayyar Turai, alal misali, tsohon farashin da za ka nuna dole ya zama mafi ƙanƙantar wanda ka sayar a cikin kwana 30 kafin ragin.

7. Kayan kwantai nasu lissafin daban

Duk abin da na faɗa a sama ya shafi kayan da za ka sake sarowa idan sun ƙare. Kayan da yayinsu ya wuce, ko wa'adinsu ya kusa cika, ko kujerar da za ta tashi babu kowa a kai, ba a auna su da kuɗin sari, domin wannan kuɗin ya riga ya fita. Abin da za ka kwatanta shi ne abin da za ka samu yau da abin da za ka samu idan ka jira. Takalmin da ya tsaya maka a 70, idan bayan wata shida ba zai wuce 40 ba, sayar da shi a 60 yau shi ne daidai, ga kuma kuɗin sun dawo hannu su juya. Ka rage a mataki-mataki, ka ware su nesa da sababbin kaya, ka kuma faɗi dalilin ragin, don kada mutane su ɗauka sababbin ma za su sauko idan aka yi haƙuri.

8. Gwada kaɗan, ka auna har bayan an gama

Kafin ranar farko, rubuta abu uku a takarda: yawan da kake sayarwa a mako ba tare da ragi ba, ribar da hakan ke kawowa, da adadin da ka lissafa a mataki na biyu. Idan ba ka rubuta tun da wuri ba, daga baya za ka sami kanka kana neman hujjar da za ta nuna an yi nasara.

Gwada a kan kaya ɗaya, ko reshe ɗaya, ko rabin jerin kwastomominka, ka bar sauran yadda suke don ka sami abin kwatantawa. Idan ka raba jerin, ka raba shi ba tare da zaɓe ba, misali ka ɗauki suna ɗaya ka tsallake ɗaya. Idan manyan kwastomominka ka tura wa tayin, za su fi sauran saye ko da babu ragi, sai sakamakon ya yaudare ka. Haka nan kada ka kwatanta makon garaɓasa da ya faɗo a lokacin da ciniki ke tashi da kansa da makon da kasuwa ta yi sanyi. Kwatanta shi da irin wannan lokaci na bara, ko da kayan da ba a rage musu ba a wannan makon.

Riba za ka ƙirga, ba kuɗin da suka shigo ba, kuma ta dukan kayan da ke da alaƙa da juna, har da waɗanda ba a taɓa farashinsu ba. Ci gaba da ƙirgawa bayan an rufe, na tsawon lokacin da mai saye yakan ɗauka kafin ya dawo. Idan ciniki ya faɗi ƙasa da yadda aka saba a makonnin da suka biyo baya, ka cire wannan giɓin daga ƙarin da ka gani.

Idan hujjarka ita ce sababbin za su dawo su saya a cikakken farashi, to ita ma a auna ta. Rubuta sunaye ko lambobin rasit na waɗanda suka fara saye a lokacin ragin, ka duba nawa suka dawo. Mai takalminmu ya rasa 1,700 don ya sami sababbin mutum 30. Kowane dawowa yana kawo 30, don haka yana buƙatar sayayya 57 daga gare su a cikakken farashi, kusan sau biyu ga kowane mutum, kafin ya mayar da abin da ya fita. Idan bayan wata shida mutum 8 ne kawai suka dawo sau ɗaya, 240 ya dawo masa daga cikin 1,700, sai ya bar wannan ragin ya gwada ƙunshin 115 a kan rabin kwastomominsa.